Idan jimillar fayil ta saɓa wa ta shafin manhaja

A ce kantin magani ne mai buɗewa dare da rana, yana ajiye cinikinsa a manhajar wani kamfani. Shafin kamfanin na intanet ya nuna cinikin watan Maris 2025 naira 4,850,000. Akanta ya sauke fayil ɗin CSV na watan, ya tara, ya samu 4,812,000. Naira 38,000 sun yi ɓatan dabo.

Galibi a nan ake aika wa kamfanin imel cewa "lissafinku ba daidai ba ne." Amsar da za ta dawo tambayoyi ne kawai, ana nan mako ya wuce. A ganina, kada a rubuta komai sai an ƙirga layuka, domin yawan ciniki ya fi jimillar kuɗi saurin tona matsala. Shafi ya ce 1,206, fayil ya ce 1,205. Sai a jera lambobin rasit a ga wanda babu.

A wannan misali laifin agogo ne. Manhajoji da yawa suna ajiye lokaci da agogon duniya na UTC, Najeriya da Nijar kuwa suna gabansa da awa ɗaya. Idan shafi yana yanke rana da agogonmu, fayil kuma da UTC, duk cinikin da aka yi tsakanin sha biyun dare da ƙarfe ɗaya zai koma jiya. Alamarsa ita ce saɓanin yana taruwa a farkon wata da ƙarshensa.

Waɗannan layuka uku su ne zuciyar wasiƙar:

```
id,portal,csv,amount
10231,2025-03-01 00:12,2025-02-28T23:12Z,25000
10232,2025-03-01 00:47,2025-02-28T23:47Z,18000
11437,2025-04-01 00:20,2025-03-31T23:20Z,5000
```

Biyun farko cinikin Maris ne, amma sai a fayil ɗin Fabrairu aka same su: 43,000 sun fita. Na uku na Afrilu ne da ya shigo Maris: 5,000 sun shiga. A cire 5,000 daga 43,000, saura 38,000 cif. Wannan lissafi dole ya bayyana a imel ɗin, don muddin misalan ba su cike giɓin gaba ɗaya ba, akwai wani dalilin a ɓoye, wataƙila kuɗin da aka mayar wa mai saye, wanda shafi ya cire amma fayil ya bari.

Sauran abin kaɗan ne. A faɗi sunan rahoton, kwanakin da aka zaɓa da lokacin da aka sauke shi. A haɗa hoton shafin da fayil ɗin yadda ya sauko, kafin Excel ya taɓa shi, don yakan sauya tsarin kwanan wata ya kuma share sifilin farkon lamba. Sunayen masu saye da lambobin wayarsu amana ce, a goge su a kwafin da za a tura, a sanar da kamfanin an goge.

Tambayar ƙarshe ta zama ɗaya tak: da wane agogo fayil ɗinku yake yanke rana, kuma za a iya mayar da shi `Africa/Lagos`?