Nikotin ya bar jini, hannu bai manta ba

Duk lokacin da wani ya bar sigari ya yi wata guda sannan ya koma, bayani ɗaya ake yi a majalisa: wai nikotin ne bai gama fita daga jininsa ba, sai a nemo masa maganin wankin jini. Wannan magana tana damuna, domin tana sa mutum ya kashe kuɗi a inda ciwon ba ya nan.

Nikotin ba ya daɗewa a jiki. Yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 bayan zuƙa, kuma bayan kamar awa 2 rabinsa ya tafi. Wanda ya daina sha zai ji jiki ƙwarai a kwana na 2 da na 3: saurin fushi, rashin barci, kasa tattara hankali, yawan jin yunwa. Ƙwaƙwalwa ce ke kukan abin da ta saba samu, kuma yawanci kukan yana lafawa cikin mako 2 zuwa 4.

To me ke mayar da mutum bayan haka? A ɗauki direban da ke shan kara 20 a rana, kowane kara zuƙa 10. Hannunsa yana zuwa baki sau 200 kullum, sau 73,000 a shekara, kuma ba a ko'ina ba. Bayan cin abinci ne, da teburin mai shayi, da zaman jiran fasinja a tasha. Kowace zuƙa nikotin na biyan ladan motsin nan take, har wurin da lokacin su zama su ne ke kiran sigarin. Kamar ƙafarsa ce da ke taka birki kafin ya yi tunani. Shi ya sa a binciken Jed Rose na Jami'ar Duke, sigarin da aka cire wa nikotin ma ya rage wa mashaya kwaɗayi.

Ana iya gane wanne ya fi ƙarfi tsakanin nikotin da sabo. In direban nan yana kunna kara cikin minti 5 da farkawa, ko ya sha yana kwance ba lafiya, jikinsa ya kamu sosai, kuma cingam ko filastan nikotin za su sauƙaƙa masa makonnin farko. In kuwa yana iya wuni a gidan surukai hankali kwance, amma da ya zauna gun mai shayi hannu ya nufi aljihu, sabo ne ya fi rinjaye. Filasta ba ta ba hannu aiki. Sai ya sauya wurin zama, ya tashi da zarar ya gama cin abinci, ya riƙe asawaki ko ya kurɓi ruwa har kwaɗayin ya wuce, domin yana zuwa ne ya tafi cikin 'yan mintoci. Yawancin masu sha kullum duka biyun suke fama da su.

Dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, amma har gobe yana kan tebur kusa da butar shayi. Wanda ya sha wuyar mako huɗu ya fita, nan zai tarar da kara ɗaya yana jiransa kowace safiya, kuma masu aiwatar da dokar sun san da haka.