Daga Kano zuwa Makka: yadda ake lissafa nisa da fuska a kan ƙwallon duniya

Ana tambayar mutum inda alƙibla take, sai ya nuna gabas. Ga mai salla a daji wannan ya wadatar, amma magini da zai ja igiyar harsashin masallaci yana buƙatar adadi, haka ma matuƙin jirgin da zai ɗebi alhazai. Tambayoyi biyu ne a gabansu: nawa ne nisan da ke tsakanin garuruwan biyu ta hanya mafi gajarta, kuma wace fuska za a dosa daga inda ake tsaye? Lissafi ɗaya ne yake amsa su duka. Tsohon lissafi ne, domin tun wajajen 1025 Al-Biruni ya rubuta littafi a kan auna matsayin garuruwa, inda ya fitar da alƙiblar garin Gazna. A yau kalkuletar ɗan sakandare ta ishe shi.

Abu na farko shi ne adireshin kowane gari a bisa ƙwallon duniya, wato latitud da longitud. Latitud yana faɗin yadda gari ya nisanta daga ikwaita zuwa arewa ko kudu, longitud kuma yadda ya nisanta gabas ko yamma daga layin da ya ratsa Girinwich a Ingila. Kano tana kan digiri 12.00 arewa da 8.52 gabas. Ka'aba tana kan 21.42 arewa da 39.83 gabas. Ke nan Makka ta ɗara Kano da digiri 9.42 ta arewa, da digiri 31.31 ta gabas.

Wanda ya san lissafin alwatika na makaranta zai so ya gama aikin nan take. Zai zana layi mai tsawon 31.31 zuwa gabas, ya ɗora wani mai tsawon 9.42 zuwa arewa, ya haɗa bakinsu. Amsar da zai samu ita ce kilomita 3,636, da fuska ta digiri 73.3. Duka biyun ba daidai ba ne, kuma dalilin yana cikin layukan longitud. Ku ɓare lemo ku duba ɓangarorinsa: kowanne yana da faɗi a tsakiya, yana tsukewa zuwa sama da ƙasa har su haɗu wuri guda. Haka layukan longitud suke. Digiri ɗaya na longitud kilomita 111.2 ne a ikwaita, a Kano ya koma kusan 108.8, a Makka 103.5, a latitud 60 rabi ne kawai, a ƙuryar arewa ta duniya kuwa babu komai. Takarda shimfiɗaɗɗiya ba ta san da wannan tsukewa ba.

To mece ce miƙaƙƙiyar hanya a kan abu mai zagaye? Idan aka yanka lemon nan gida biyu daidai, wuƙar ta ratsa ta cibiyarsa, bakin yankan shi ne da'ira mafi girma da za a iya samu a jikinsa. Ita ake kira babbar da'ira. Tsakanin kowane garuruwa biyu, in dai ba kishiyar juna suke a bayan ƙwallon ba, babbar da'ira ɗaya ce tak take ratsa su, kuma guntun da ke tsakaninsu shi ne hanya mafi gajarta. Mai ƙwallon taswira a gida zai iya gwadawa: ya danne zare a Kano, ya ja shi da ƙarfi zuwa Makka, inda zaren ya kwanta nan ce hanyar.

Dabarar lissafin ita ce a samo wuri na uku, a yi alwatika. Wurin shi ne ƙuryar arewa ta duniya. Daga can zuwa Kano digiri 78 ne, wato 90 a cire 12. Daga can zuwa Makka digiri 68.58. Kusurwar da layukan biyu suka buɗe a ƙuryar ita ce bambancin longitud, 31.31. Mun san gefe biyu da kusurwar da ke tsakaninsu, saura gefe na uku, wanda shi ne nisan Kano da Makka. A wannan alwatika ana auna gefe da digiri ne, domin kowane gefe guntun da'ira ne. Bari mu kira latitud na garin tashi A, na garin sauka B, bambancin longitud D, nisan da ake nema kuma C:

```
cos C = sin A × sin B + cos A × cos B × cos D
```

Kashi na farko, sin 12 sau sin 21.42, wato 0.2079 sau 0.3652, yana ba da 0.0759. Kashi na biyu, cos 12 sau cos 21.42 sau cos 31.31, yana ba da 0.7780. Jimla 0.8539. A danna cos⁻¹ a kan wannan adadi, sai a sami digiri 31.36. Ma'anarsa, da mutum zai tsaya a cibiyar duniya ya nuna Kano da hannu ɗaya, Makka da ɗayan, hannuwansa za su buɗe da digiri 31.36. Tunda matsakaicin nisan cibiyar duniya zuwa doronta kilomita 6,371 ne, kowane digiri a babbar da'ira ya zama kilomita 111.2. A ninka 31.36 da 111.2, a sami kilomita 3,487. Lissafin takarda ya yi ƙarin kusan kilomita 150.

Yanzu sai fuska. Ana ƙirga ta daga arewa, ana juyawa yadda hannun agogo yake tafiya: arewa 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270. A alwatikarmu, ita ce kusurwar da ke Kano, tsakanin layin da ya tafi arewa da wanda ya tafi Makka. Ana fitar da adadi biyu tukuna, G na rinjayen gabas, R na rinjayen arewa, sannan daga su a sami fuskar F:

```
G = sin D × cos B
R = cos A × sin B − sin A × cos B × cos D
tan F = G ÷ R
```

G ya fito 0.4838. R kuwa 0.3572 a cire 0.1654, wato kusan 0.1919. A raba na farko da na biyu, a sami 2.52, sai tan⁻¹ ya ba da digiri 68.4. Wannan ita ce alƙiblar Kano. Mutum ya fuskanci gabas sak, sannan ya karkata hagu da kimanin digiri 21.6. Ba ƙaramar karkata ba ce, ta kusa rubu'in tazarar da ke tsakanin gabas da arewa. A nisan Makka, kuskuren digiri ɗaya yana kautar da layi da kimanin kilomita 58, don haka digiri 5 ɗin da takarda ta ƙara zai wuce da mutum ta kudu da Makka da tazarar wajen kilomita 280.

Akwai wani abu da yake ɗaure wa masu koyo kai, kuma a ganina shi ne zuciyar maganar. Digiri 68.4 fuskar tashi ce kawai. Wanda ya bi babbar da'ira bai karkata dama ko hagu ba, amma layukan da ke nuna arewa su ne suke ta karkacewa a ƙarƙashinsa, saboda tsukewar nan da muka ambata. Yana isa Makka, fuskarsa ta zama digiri 77.6. Saboda haka alhajin da ke Makka yana son ya fuskanci gida ba zai ƙara 180 a kan 68.4 ya ce 248.4 ba. Amsarsa 257.6 ce, bambancin digiri 9 da ɗoriya. Idan nisa ya ƙaru, abin yakan zama abin mamaki. Birnin Niyok yana kan latitud 40.7, arewa da Makka sosai, amma alƙiblarsa kimanin digiri 58 ce, wato arewa maso gabas. A taswirar bango kamar shirme, da zare a kan ƙwallo kuwa a fili yake.

Wannan tafiyar ta dawowa ita ce kuma take tona wani tarko na kalkuleta. Idan aka juya lissafin, Makka ta zama garin tashi, D ya zama −31.31, sai G ya fito −0.5083, R ya fito −0.1116. Da an raba su, alamun ragi biyun sun cinye juna, kalkuleta ta ce 77.6, ta tura mai neman Kano zuwa gabas. Maganin shi ne a dubi alamun kafin a raba. G mai ragi yana nufin yamma, R mai ragi yana nufin kudu. Duk lokacin da R ya zo da ragi, a ƙara 180 a kan amsar. Idan G ne kaɗai mai ragi, a ƙara 360. Masu aiki da kwamfuta suna da atan2, wanda yake yin wannan gyara da kansa.

Sauran kurakuran na hannu ne. Garin da ke kudu da ikwaita ko yamma da Girinwich, adadinsa da alamar ragi ake shigar da shi. Idan an ba ku matsayi da digiri da minti, a raba mintin da 60 tukuna: digiri 21 da minti 25 shi ne 21.42, wanda ya rubuta 21.25 ya gusar da Ka'aba kudu da kusan kilomita 19. Kalkuleta kuma ta kasance a kan DEG. A gwada ta da sin 30, in ba ta ba da 0.5 ba, to tana kan wani ma'auni. Shi kansa lissafin yana da iyaka. Duniya ta ɗan baje a ƙuryoyinta, nisan cibiya zuwa ikwaita kilomita 6,378 ne, zuwa ƙurya kuma 6,357, don haka amsar nisa tana iya kaucewa da abin da ya kai rabin kashi ɗaya cikin 100. Sannan arewar da ake nufi a nan ta ƙwallon duniya ce. Allurar kamfas tana bin maganaɗisu, kuma rodi ko mota da ke kusa sukan ja ta gefe.

Rana tana iya tantance amsoshin biyu ba tare da kamfas ba. Sau biyu a shekara takan tsaya daidai bisa Ka'aba: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, da kuma 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. Damina takan kawo hadari ta ɓata na Yuli, don haka na Mayu ya fi abin dogaro. A kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a shimfiɗaɗɗen fili, a daidaita tsayuwarta da igiya mai ɗauke da dutse. A wannan minti, layin da ya taso daga bakin inuwa zuwa gindin sandar shi ne alƙibla, kuma a Kano zai yi digiri 68.4 daga arewa. Tsawon inuwar ma yana da labari. Tunda rana tana tsakar kan mutanen Makka, a Kano ta kauce daga tsakar ka da digiri 31.36 ɗin nan na nisa, kuma tan 31.36 shi ne 0.61. Inuwar sandar za ta yi santimita 61. Idan ta fi haka ko ta gaza sosai, a sake duba tsayuwar sandar da agogon hannu kafin a zargi lissafin.