Sharaɗin da Bai Cika Ba: Me Ya Sa Zancen Yake Zama Gaskiya?

Akwai wata ƙa'ida a ilmin manɗiƙi wadda takan ɗaure wa ɗalibai kai. Ƙa'idar ta ce duk zancen da aka gina a kan "idan kaza, to kaza" ana lissafa shi gaskiya ne muddin sharaɗin bai auku ba. Malaman manɗiƙi na ƙasar Hausa sun daɗe da sanin irin wannan zance a littafin Sullam na Abdurrahman al-Akhdari, malamin ƙarni na 16 wanda ya rubuta Ahalari. A can ana kiran ɓangaren farko muƙaddam, na biyu kuma tali.

Hanya mafi sauƙi ta gane ƙa'idar ita ce a ɗauki zancen tamkar alkawari. A karkarar Ɗambatta da Bichi gonaki manne suke da juna, ana noma su kowace damina, don haka taki abu ne mai daraja. A ƙaddara wani manomi ya ce wa mai jaki: "Idan ka kawo mangala goma ta taki kafin shuka, zan ba ka dami biyu na gero da kaka."

Abu huɗu ne kaɗai ke iya faruwa. Na farko, an kawo taki, an ba da gero: alkawari ya cika. Na biyu, an kawo taki, an hana gero: manomi ya yi ƙarya, kuma ko gaban dagaci aka je ba shi da gaskiya. Na uku, ba a kawo taki ba, ba a ba da gero ba: ba wanda zai ce ya saɓa. Na huɗu, ba a kawo taki ba, amma manomi ya ba da geron don zumunci. Nan ma bai saɓa ba, domin bai taɓa faɗin abin da zai yi in ba a kawo ba.

Ke nan a wuri ɗaya tak zancen ke faɗuwa, wato inda muƙaddam ya tabbata, tali ya ƙi. Tun da a wannan manɗiƙi kowane zance ko dai gaskiya ne ko ƙarya, babu na uku, sauran ukun sun shiga sahun gaskiya. Haka Filo, wani masanin Girka, ya bayyana tun wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma a kan haka Gottlob Frege ya gina tsarinsa a 1879.

Lissafi ma yana tilasta wannan hukunci. A dubi jimlar nan: "Idan lamba tana rabuwa da 4, to tana rabuwa da 2." Kowa ya yarda gaskiya ce a kan kowace cikakkiyar lamba. A gwada ta da 8: sassan biyu sun tabbata. A gwada da 6: ba ta rabuwa da 4, amma tana rabuwa da 2. A gwada da 7: ba ta rabuwa da ko ɗaya. Da za a ce jimlar ƙarya ce a kan 6 ko 7, da wannan sahihiyar doka ta rushe, alhali ba a sami lambar da ta rabu da 4 ta ƙi rabuwa da 2 ba. Irin wannan lamba ce kaɗai za ta iya ƙaryata ta, kuma babu ita.

Sai dai a kula da iyakar ƙa'idar. Gaskiyar jimlar ba ta tabbatar da tali. Wanda ya ce, "Idan Bichi tana bakin teku, to gero na fitowa a kan dutse," bai yi ƙarya ba a wannan ma'auni, amma bai koyar da kome game da gero ba. Masu sharhin manɗiƙi na Larabci sun bambanta zancen da sassansa ke da alaƙa ta dole, wato luzumiyya, da wanda suka dace kawai, wato ittifaƙiyya. Ƙa'idar Filo ba ta duba alaƙa, gaskiyar sassan kaɗai take aunawa.

Haka kuma Hausa ta raba "idan" da "da". Manomin da ya ce, "Da na zuba taki, da gerona ya yi kyau," yana magana ne a kan dalili da sakamako, kuma ana iya yi masa gardama ko da yake bai zuba ba. Ƙa'idar ba ta hukunta irin wannan zance.

Saboda haka, ɗalibin da aka ba shi jimlar sharaɗi a jarrabawa, tambaya ɗaya ta ishe shi: shin akwai inda muƙaddam ya tabbata, tali ya ƙi? In babu, jimlar gaskiya ce.