SANI, Sani da sani: inda sauya suna a kwamfuta ke jawo ɓarna

A watan Afrilun 2018 Sarki Mswati na Uku ya sanar da cewa ƙasarsa ta bar amsa sunan Swaziland, ta koma Eswatini. Sanarwa ce ta ɗan lokaci, amma ta bar wa masu gyaran littattafan makaranta da ma'aikatan ofisoshi jan aiki, domin tsohon sunan yana zaune cikin takardunsu a kamanni uku. A kanun babi an rubuta shi duk da manyan baƙaƙe, SWAZILAND. A tsakiyar jimla baƙin farko ne kaɗai babba, Swaziland. A sunan fayil ko adireshin intanet kuwa duk ƙanana ne, swaziland. Ga mai karatu suna ɗaya ne. Ita kwamfuta lamba daban take ba kowane baƙi: babban S lambarsa 83, ƙaramin s kuma 115.

Duk wanda ya taɓa danna Ctrl+H a Microsoft Word ya san akwatin da ke buɗewa, gurbi ɗaya na abin da za a nemo, ɗaya na abin da zai maye shi. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne tambayoyi biyu ne ke ɓoye a cikin akwatin. Ta farko ta shafi nema: a kamo kowace kamar sunan, ko kuwa sai wadda ta yi daidai da yadda aka buga? Ta biyu ta shafi sakawa: a rubuta sabon suna yadda aka buga shi, ko a ba shi siffar wanda ya tarar a wurin?

Amsar ta farko ita ce zaɓin nan mai suna Match case. Idan ka kunna shi ka nemi Swaziland, ita kaɗai za a taɓa, kanun babi su ci gaba da ɗauke da tsohon suna har littafi ya fito daga maɗaba'a. Sai ka zagaya sau uku, kowace kama da nata zagayen. Idan kuma ka kashe shi a manhajar da ba ta kula da siffa, irin su Notepad, za ta kamo duka ukun ta rubuta Eswatini a ko'ina, kanun da ke da manyan baƙaƙe su fita daban da 'yan'uwansu.

Amsar ta biyu ita ce sauyi mai kiyaye siffa. A manhajar Visual Studio Code, wadda masu rubuta shirye-shiryen kwamfuta suka fi amfani da ita, an ƙara shi a 2019 da sunan Preserve Case, ɗan madanni mai alamar AB. Dokarsa ba ta da wuya. Yana duba abin da aka kamo: in duk manyan baƙaƙe ne, sabon suna ya shiga da manya, in duk ƙanana ne, ya shiga da ƙanana, in na farko ne babba, a girmama na farkon sabon suna, a bar sauran yadda aka buga su. Da zagaye ɗaya sai ka samu ESWATINI, Eswatini da eswatini, kowanne a mazauninsa. Word ma yana yin kusan haka da kansa muddin ba a kunna Match case ba, shi ya sa wasu ke mamakin ganin manyan baƙaƙen da ba su buga ba.

A nan dabarar ta yi aiki ne saboda kamannin uku duk abu ɗaya suke nufi. A rubutun Hausa sau da yawa ba haka ba ne.

A ce marubuciya ta gama littafin labari, ta ga sunan jaruminta Sani bai kwanta mata ba, tana son ya koma Bello. Ta kashe Match case, ta bar kwamfuta ta kiyaye siffa, ta danna Replace All. Kanun babi na uku ya koma AUREN BELLO, madalla. Amma a shafi na gaba, inda uwar yaro ta ce "ban sani ba", yanzu cewa take yi "ban bello ba", masanin tarihin da ke cikin labarin kuma ya zama "mabellon tarihi". Mafi muni, ɓarnar ta zo da ƙananan baƙaƙe tsaf kamar da gangan aka rubuta ta, ido zai iya wuce ta. Da a ce manhajar ba ta kiyaye siffa ba, babban B a tsakiyar kalma zai tona asirin kuskuren tun daga nesa.

Irin wannan aiki na Match case ne: zagaye ɗaya na SANI, ɗaya na Sani, a bar ƙaramin sani ya sha iska. Duk da haka da sauran rina a kaba. Jimlar da ta fara da "Sanin gaibu sai Allah" ita ma da babban baƙi take, za ta koma "Bellon gaibu". Idan ka ce bari in kunna Find whole words only don a kamo cikakkiyar kalma kaɗai, ka tsira daga wannan, amma ka rasa "Sanin Hajiya", inda jarumin ake nufi. Babu madannin da ya san bambancin mutum da kalma. Wuraren da ke da Sanin sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da Find Next. Haka mai jarumi Bala zai yi hattara da bala'i da Balarabe.

Akwai wata iyaka da ta shafi sabon sunan kansa. Wasu suna rubuta sunan ƙasar nan eSwatini, da ƙaramin e da babban S, bisa tsarin harshen mutanenta. Ka buga shi haka a Visual Studio Code da Preserve Case a kunne, dokar girmama baƙin farko za ta ba ka ESwatini. Mu ma muna da namu: sunan da ya fara da 'yan. Abin da ke farkonsa alama ce, ba baƙi ba, kuma alama ba ta da babba. Idan ka buga 'yankara da ƙanana don ya maye wani suna mai babban baƙi, y ɗin zai zauna ƙarami. Ka buga 'Yankara da hannunka. Baƙaƙe masu ƙugiya kuwa, Ƙ da ƙ, Ɗ da ɗ, Ɓ da ɓ, suna da manya da ƙanana a tsarin Unicode, sai dai takardun da aka buga da tsofaffin salon rubutu na musamman, inda aka ari gurbin wata alama aka zana ƙugiya a kai, ba sa bin wannan doka.

Kama ta uku, mai ƙananan baƙaƙe, ita na fi tsoro. Sau da yawa ba suna ba ce, adireshi ce ko sunan fayil, kuma sauya ta a takarda ba ya sauya abin da take nunawa. Hoton da aka ajiye da sunan swaziland.jpg yana nan da sunansa ko da takarda ta ce eswatini.jpg, sai mahaɗin ya mutu. Ƙasar ma ba ta sauya alamarta ta intanet ba, har yanzu .sz ce.

Hanyar gane ko aiki ya yi kyau ita ce ƙirge. Kafin ka sauya komai, ajiye kwafin takardar. Nemi sunan ba tare da Match case ba, ka rubuta adadin. A ce 240. Sannan kunna shi ka ƙirga kowace kama: a ce manya 12, mai babban farko 190, ƙanana 35. Jimilla 237, ke nan akwai uku da aka rubuta da wata siffa, wataƙila SAni da yatsa ya zame, kuma zagaye ukun ba za su taɓa su ba. Bayan sauyi ka sake neman tsohon sunan, abin da ya rage ya zama wanda ka bari da saninka. A shawarata, in har sunan yana da wata ma'ana a Hausa, kada mai karatu ya danna Replace All sai ya duba ƙananan nan da idonsa.