Ciwon Ganyen Rogo: Daga Sanda Yake Farawa

Shirinmu na yau na manoman rogo ne, musamman na Baure da Babban Mutum da sauran ƙasar Daura.

Wanda ya saba shiga gonar rogo ya san ganyen nan mai dabbare-dabbaren kore da ɗorawa, wanda ke murɗewa ya ƙanƙance. Wasu kan ce rashin taki ne. A'a, cuta ce da bairos ke haddasawa, wadda aka fara bayyana ta a ƙasar da ake kira Tanzaniya yanzu, a shekarar 1894. Ganye ne ke haɗa abincin da saiwa ke tarawa, don haka in ya lalace, rogo sai ya fito sirara. A shekarun 1990 wani nau'inta mai tsanani ya sa manoman Yuganda da yawa barin noman rogo.

Hanya biyu take bi. Ta farko farin ƙuda ne, ɗan mitsitsin ƙwaron da ke maƙale a bayan sabon ganye. In ka girgiza kan rogo za ka ga ya tashi kamar gari. Ya tsotsi mai ciwo, ya koma kan lafiyayye, ya zuba masa.

Ta biyu kuwa, wadda ta fi damuna, hannunmu ne. Cutar tana cikin jikin sandar, galibi guntun da aka sara daga uwa mai ciwo da ita yake tsirowa, kuma asararsa ta fi ta wanda ƙuda ya harba bayan ya girma. Malam manomi, duba da kanka: in ganyen ƙasa, na farkon toho, ya lalace, daga iri ne. In na ƙasa lafiya lau, na sama kaɗai ya murɗe, aikin ƙuda ne.

To ga inda ake faɗawa. Da rani rogo kan zubar da ganye, sandar mai ciwo da lafiyayya duk kamarsu ɗaya, balle damin da aka sayo a kasuwa. Saboda haka tun da damina, ganye na shar, zaga gonarka ka ɗaura ƙyalle a jikin masu lafiya. Su za ka sara in sun kai wata goma zuwa shekara, guntu kamar taƙi ɗaya, mai ido biyar zuwa bakwai. Bayan dashe, a wata biyun farko, duk wanda ya toho da dabbare-dabbare tuge shi ka maye gurbinsa. Feshi ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu, kada ka zubar da kuɗinka.

Akwai iri masu juriya, kamar TME 419 da cibiyar IITA ta Ibadan ta yaɗa. Tambayi malamin gona na KTARDA inda za ka samu, kuma in da hali, je ka ga gonar da za a saro maka tun tana da ganye.