Wasa ya cinye mini mataki 40: yadda ake kai ƙorafin da zai yi amfani

Wanda ya kwashe mako uku yana buga wasa a waya, ya wayi gari an mayar da shi matakin farko, abin da ke fara zuwa bakinsa shi ne: "Wasanka ya lalace." Gaskiya ya faɗa, amma maganar ba ta ba maginin wasan abin kamawa. Idan kuwa shi kaɗai yake aikin, kamar yadda Eric Barone ya gina Stardew Valley da ya fito a 2016, ba shi da wanda zai saka ya yini yana lalube. Sai ya ga matsalar da idonsa kafin ya iya gyara ta.

Mu ɗauki misalin mai gwaji da ya san aikinsa. Yakan fara da bayanin wayar: Android 13, sigar wasa 1.4.2. Sannan ya jero abin da ya yi. Ya kammala mataki na 40. Alamar adanawa ta fara juyawa a kusurwar allo. Kafin ta tsaya, ya buɗe jerin manhajojin da ke aiki ya share wasan. Da ya sake buɗewa, wasan ya mutu nan take. A buɗewa ta biyu, sai ga mataki na 1. Ya gwada sau 10, hakan ta faru sau 4. Duk lokacin da ya jira alamar ta tsaya, babu abin da ya ɓata.

A ganina wannan jimlar ta ƙarshe ta fi duk sauran daraja, domin ta nuna inda ɓarakar take. Manhaja da yawa, idan za su adana, sukan share abin da ke cikin tsohon fayil tukuna, sannan su zuba sabo. In aka kashe su a tsakani, sai a bar fayil fanko ko rabi. Wasan ya zo karantawa ya shaƙe, daga baya ya rubuta sabon farawa a kai. Shi ya sa mai gwajin kan yi ƙoƙarin kwafe lalataccen fayil ɗin kafin buɗewa ta biyu, ya kuma jona wayar da kwamfuta ya ɗebo bayanan mutuwar:

```
adb logcat -d > rahoto.txt
```

Da wannan a hannu, gyaran sananne ne: a rubuta a fayil na wucin gadi, sai an kammala a sauya masa suna ya maye gurbin tsohon. Android ma na da `AtomicFile` don wannan aikin. Stardew Valley kuwa na ajiye adanin baya a fayil mai `_old` a ƙarshen sunansa.

Mai karatu, ranar da hakan ta same ka, kada ka yi gaggawar goge wasan ka sake saukewa, don shaidar za ta tafi tare da shi. Ɗauki biro ka rubuta abu na ƙarshe da ka taɓa kafin ya mutu.