Rubuta Bashin Iri da Taki da Cinikin Amfanin Gona: Misali Daga Noman Shinkafa a Ringim

A ƙasar Ringim, musamman garuruwan da ke bakin Kogin Haɗejiya, manomin shinkafa yakan karɓi iri da taki a farkon damina, amma ba ya ganin kuɗin amfanin gonarsa sai bayan wata huɗu ko biyar. Wannan tazara ita ce tushen matsalar da maƙalar nan ta duba. Manoma da dama ba sa rubuta komai sai ranar da kuɗi suka shiga aljihu ko suka fita, don haka takin da aka karɓo bashi ba ya bayyana a ko'ina sai a littafin mai shago. Ƙa'idar akantoci kuwa ita ce a rubuta bashi ranar da aka karɓi kaya, a kuma rubuta ciniki ranar da kaya suka bar hannu, ko an biya ko ba a biya ba.

Tsarin da ake bi shi ne na rubutu mai fuska biyu, wanda Luca Pacioli ya yi bayaninsa a littafin da ya wallafa a birnin Venice a 1494. Kowane abu yana da shafinsa, kowane shafi kuma yana da hagu da dama. Abin da ya shigo wa gona ana rubuta shi a hagun shafinsa, inda ya fito kuma ana rubuta shi a daman nasa shafin, kuma dole adadin biyu su zo daidai. Umarnin rubuta bashi mai wa'adi ba baƙo ba ne ga manomin Ringim, domin yana cikin aya ta 282 ta Suratul Baƙara. Abin da tsarin akantoci ya ƙara shi ne nuna inda kowace naira ta tafi.

Ranar karɓar kaya

Mu ɗauki manomi mai hekta ɗaya ta shinkafar damina. Farashin da ke biye na misali ne kawai, domin farashin taki kan sauya ko a cikin damina guda. A watan Yuni ya karɓi buhun iri ɗaya a kan N40,000, da buhu huɗu na NPK a kan N45,000 kowanne, da buhu biyu na yuriya a kan N35,000 kowanne, duk bashi zuwa kaka. Jimilla N290,000.

A ranar zai buɗe shafi biyu. A hagun shafin kayan noma zai rubuta N290,000, a daman shafin mai shago ma zai rubuta N290,000. Shafin tsabar kuɗi ba a taɓa shi, tun da ko kwabo bai fita ba. Ya kamata a lura cewa takin da ke ajiye a ɗaki bai zama kuɗin da aka kashe ba tukuna; dukiya ce da za a iya sayarwa ko a mayar. Sai ranar da aka watsa shi a gona ne ake cire darajarsa daga shafin kayan noma a kai ta shafin kuɗin noman bana.

Wannan bambanci yana da tasiri. A ce manomin ya zuba buhu uku na NPK kawai, ya ajiye ɗaya don noman rani. Abin da shinkafar damina ta ci na iri da taki N245,000 ke nan, amma bashin mai shago yana nan N290,000 cif. Wanda ya ɗora wa damina dukkan bashin ya rage mata riba da N45,000, sannan noman rani zai nuna masa ribar da ta fi ta gaskiya.

Kuɗin buhu ɗaya

Bayan iri da taki, a ce ya kashe N355,000 na hannu a kan huɗa, dashe, cire ciyawa, yanka, bugu, buhunan zuba da dako. Duk abin da gonar ta ci ya zama N600,000. Idan ya samu buhu 30 na shanshera, kowane buhu ya tsaya masa a kan N20,000. A ganina babu lambar da ta fi wannan amfani a duk littafin, domin da ita ne zai san tayin da zai sallama da wanda zai ce albarka idan ya kai kaya kasuwar Gujungu ko ta Ringim. Lambar tana da rauni ɗaya: idan shi da 'ya'yansa suka yi aikin gonar ba a ƙiyasta ladansu ba, buhun zai yi kamar ya fi arha fiye da yadda yake.

Ranar sayarwa

A watan Nuwamba ya sayar da buhu 20 a kan N40,000 kowanne, wato N800,000. Mai saye ya ba da N600,000, ya ce sauran sai kasuwa mai zuwa. A daman shafin ciniki za a rubuta N800,000 gaba ɗaya. A hagu kuwa adadin ya rabu biyu: N600,000 a shafin tsabar kuɗi, N200,000 a sabon shafi mai sunan mai saye, wanda yanzu manomi ke bin sa bashi. Sannan a fitar da kuɗin noman buhu 20 ɗin, N400,000, daga shafin amfanin da ke rumbu. Ribar wannan ciniki N400,000 ce.

Daga nan ya je ya biya mai shago N290,000. A hagun shafin mai shago za a rubuta adadin, shafin ya rufe, a daman shafin tsabar kuɗi ma a rubuta shi. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a sake lissafa wannan biya a matsayin kuɗin noma, alhali an riga an lissafa takin tun ranar da aka zuba shi. Biyan bashi ba ya rage riba, aljihu kawai yake ragewa. Abin da ya saura a hannunsa daga cinikin N310,000 ne, ribarsa kuma N400,000, kuma duka lambobin biyu gaskiya ne. Tambayoyin da suke amsawa ne suka bambanta. Buhu goman da suka rage suna nan a littafi a kan N200,000. Buhu ukun da zai fitar na zakka, wato ɗaya cikin goma tun da ruwan sama ne ya shayar da gonar, da abin da gida zai ci, kowanne sai an rubuta fitarsa, in ba haka ba littafi zai ce goma, rumbu ya ce biyar.

Idan da shinkafa aka biya bashin

Sau da yawa mai shago ba ya jiran kuɗi, buhuna yake karɓa. Biya da amfanin gona ya shiga har cikin shirin bashin manoma da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a Jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015. Manomi kan ce bai sayar da waɗannan buhuna ba, ya dai biya bashi da su. A littafi kuwa ciniki ne cikakke, sai dai kuɗi ba su ratsa ta hannunsa ba. Idan mai shago ya karɓi buhu takwas a kan N35,000 kowanne, za a rubuta N280,000 a daman shafin ciniki da hagun shafin mai shago, saura N10,000 a kan manomi. Rubuta shi haka ne ke fito da abin da ya ɓuya: a ranar kasuwa tana sayen buhu N40,000, don haka ya bar N40,000 a hannun mai shago. Idan kuma tun a watan Yuni farashin bashi ya ɗara na kuɗi hannu, to ya biya ladan jira sau biyu.

Hanyar gane kuskure ba ta da wahala. A tara duk abin da ke hagu, a tara duk abin da ke dama. In sun saɓa, akwai kuskure, kamar a ce an rubuta wani abu a fuska ɗaya kawai. Amma daidaituwarsu ba ta tabbatar da cewa komai ya shiga, domin buhun yuriyar da aka aiki yaro ya karɓo a watan Agusta aka manta ba a rubuta ba, ba zai bayyana a hagu ko a dama ba. Wannan sai an ɗauki littafi an je shago an gwada shi da na mai shago layi bayan layi, kuma gara a yi haka tun shinkafa tana gona, kafin ranar da za a zo ɗaukar buhuna.